Asarar Farko Ba Ita Ke Karya Ɗan Kasuwa Ba

Mai karatu, idan kana cinikin kuɗaɗen waje ko zinare ta waya, ko akwai mai yi a gidanku, akwai wasu mintuna talatin da nake so mu yi magana a kansu. Su ne mintunan da ke biyo bayan kasuwa ta taɓa iyakar asararka ta fitar da kai. A abin da na gani wajen matasanmu na Gusau da Tsafe da Bungudu, jari ya fi ƙonewa a cikin waɗannan mintuna, ba a cinikin farko ba.

Ga wanda bai sani ba, duk mai buɗe ciniki a manhaja irin MetaTrader 5 yana iya cike wani gurbi mai suna Stop Loss. Ma'anarsa: idan farashi ya kai wuri kaza, a rufe min cinikin, na yarda da wannan asara. Umarnin yana zaune a na'urar dillali ne, ba a wayarka ba, don haka yana aiki ko da sabis ya ɗauke. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 mun san darajar wannan. Saboda haka idan iyakar ta fitar da kai, aikin da ka sa ta ne ta yi. Zuciya ce ba ta ɗaukarsa haka. Gani take an mare ta a bainar jama'a, kuma sai ta rama yanzu-yanzu.

Bari in ba ka lissafin wani ƙanena da ke da shagon cire kuɗi a Bungudu, kamar yadda muka zauna muka karanta a tarihin asusunsa. Jarinsa dala 500 ne, yana cinikin zinare, wanda ake rubutawa XAUUSD. A wannan kasuwa, lot 0.01 daidai yake da oza ɗaya, wato duk motsin dala ɗaya a farashi riba ce ko asarar dala ɗaya. Ya saya da lot 0.01, ya sa iyaka dala 5 ƙasa da inda ya shiga. Farashi ya sauko ya fitar da shi. Asara dala 5, kashi ɗaya cikin ɗari na jarinsa. Har nan ba abin da ya ɓaci.

Minti huɗu bayan haka ya sake saye, amma da lot 0.02, ya rasa dala 10. Bai ajiye wayar ba ya koma da lot 0.05, ya rasa dala 25. A karo na huɗu ya buɗe lot 0.20, kuma bai sa iyaka ba, don a ganinsa iyakar ce ke cutarsa. Zinare ya sauka da dala 15, abin da yake yi a rana ɗaya ba tare da wani abin mamaki ba. Oza 20 sau dala 15, dala 300 ke nan. Tsakanin Azahar da La'asar dala 340 ta tafi, saura 160. Kafin ya koma inda yake da safe, sai abin da ya rage ya ninka fiye da sau uku. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ka sake duba jerin. Ra'ayinsa game da zinare bai canza ba tun daga cinikin farko, babu sabon labari, babu sabuwar hujja. Abu uku ne suka canza, kuma su ne alamomin cinikin huce haushi: tazarar da ke tsakanin ciniki da ciniki ta gajarce, girman lot ya ƙaru bayan asara, iyaka kuma ta ɓace. Akwai ta huɗu da ba ta fitowa a asusu, sai a baki: "bari in maido kuɗina." Duk ranar da ka ji kanka ka faɗi haka, ka daina kallon kasuwa, ramin aljihunka kake kallo, kuma daga nan zuwa caca taki ɗaya ne.

Kada ka ɗauka raunin ɗan koyo ne kawai. Tun 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, kuma wanda ke cikin asara ya fi yarda ya yi kasada. A 2005, Joshua Coval da Tyler Shumway sun binciki ƙwararrun 'yan kasuwar Chicago, suka gano cewa waɗanda suka yi asara da safe sun fi ɗaukar kasada da rana. Idan masu shekaru a sana'ar haka suke, alkawarin "zan kame kaina" ba zai ishe mu ba. Mai fushi ba ya yi wa kansa doka, sai dai ya tarar an riga an yi ta.

Dokar da muka rubuta masa a bangon littafin shagonsa gajeriya ce. Idan iyaka ta fitar da shi, ba zai buɗe komai ba sai bayan minti talatin, kuma wayar ba a hannunsa za ta yi su ba. Kafin ya koma sai ya rubuta layi uku: me ya sa ya shiga, me ya fitar da shi, wace sabuwar hujja ce ta bayyana. Idan layi na uku ya gagara, ba ciniki. Idan ya koma, lot ɗin ba zai wuce na farko ba. Idan aka fitar da shi sau biyu a rana, kasuwa ta tashi sai gobe. Da wannan dokar ce ke aiki a ranar, asararsa dala 10 ce, ba 340 ba.

Doka kuma tana bukatar mai tsaronta. Asusun MetaTrader yana da kalmar sirri biyu: ta mai asusu, da wata da ake kira Investor, wadda ke ba da damar kallo kawai ba ciniki. Matarsa ce ke shigar masa da ta farko. Da zarar asara ta biyu ta faru, sai ya fita ya koma ta kallo. 'Yar'uwa, idan kuɗin cefane ko na adashenki na iya shiga wannan asusu, kina da haƙƙin ki nemi irin wannan tsari, kuma da safe ake neman sa, lokacin da rai ke kwance.

Zan gaya maka gaskiya a kan abin da dokar ba ta yi. Wata rana kana cikin hutun farashi zai juya ya tafi inda ka hango, ka zauna kana kallon ribar da ta wuce ka. Wani abokina a Tsafe ya yi watsi da dokar saboda rana ɗaya irin wannan. Amma ka auna: abin da ya wuce ka a ranar dala biyar ne ko goma, abin da dokar ke tsare maka jarin ne gaba ɗaya. Haka kuma hutu ba ya gyara dabarar da ba ta da kyau. A 2018 hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Abin da hutun ke ba ka shi ne lokacin da za ka tara ciniki hamsin ko ɗari a rubuce, ka duba da idon basira ko sana'ar tana ciyar da kai ko kai kake ciyar da ita.

Daren yau ka buɗe tarihin asusunka, ka nemo asararka mafi girma, sannan ka duba minti nawa ne tsakaninta da wadda ta gabace ta.