Makulli a jiki, mota ta tafi: wa zai biya?

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos ya san Kwanar Ɗangora. A nan ake barin titin Zariya a karkata kudu, a ratsa Tudun Wada, a shiga dajin Falgore, a ɓulla ƙasar Doguwa. Direbobi da yawa a nan suke tsayawa su sha mai, su sayi abin taɓawa, domin ba kowa ke son tsayawa a cikin daji ba. A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa mutumin Bebeji, mai sayen masara a kasuwannin Doguwa, wanda ya tsaya a wannan mahaɗa wata ranar kaka ta 2024, gab da magariba. Bai kashe mota ba, domin a ganinsa abin da zai yi bai wuce minti biyu ba. Ya tsallaka titi ya shiga wani kanti, ya tsaya gaisawa da wani tsohon abokin ciniki. Da ya fito sai ya tarar da wurin wayam.

Motar ba ta cikin waɗanda ke yawo da ƙaramar inshora kawai, wato wadda doka ta wajabta wa kowane mai mota. Ita ƙaramar, wadda Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida daga farkon 2023, ɓarnar da mutum ya yi wa wasu kawai take biya. Ba ruwanta da sata, ko an bar makulli ko ba a bari ba. Shi wannan ɗan kasuwa cikakkiyar inshora ya yi. Ya rubuta darajar motar naira miliyan 8, ya biya kashi 5 cikin ɗari, wato naira 400,000 a shekara. Saboda haka da ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, ya kuma sanar da kamfanin washegari, hankalinsa a kwance yake.

Abu na farko da jami'in kamfanin ya nema, bayan rahoton 'yan sanda da takardun mota, shi ne makullai.

"Alhaji, guda biyu aka rubuta lokacin da aka duba motar. Ina ɗayan?"

Wannan tambaya ba ta fatar baki ba ce. Motocin zamani da yawa ba sa tashi sai da makullinsu na asali, saboda akwai wata 'yar na'ura a kan makullin da injin ke ganewa. Idan mai mota ya kawo makullai biyu cif, alama ce ɓarawon ya sha wahala kafin ya tafi da ita. Idan ya kawo ɗaya, ɗayan na buƙatar bayani. Wani ɗan'uwa ya ba ɗan kasuwar shawarar ya je a yanko masa wani a Kano ya haɗa. Ya ƙi, kuma ƙin nan ya cece shi daga abin da ya fi asarar mota muni. Makullin da aka yanka jiya ba ya da zaizayar wanda aka shekara ana murzawa, kuma ƙarya a takardar neman diyya zamba ce, wadda ke iya rushe haƙƙin mutum gaba ɗaya.

To, ya faɗi gaskiya. Shin za a biya shi?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa amsar ta rataya ne a kan ko ya yi sakaci. Ba haka ba ne. Sakaci na cikin abubuwan da ake yin inshora dominsu. Direban da ya yi gyangyaɗi ya daki bishiya sakaci ya yi, amma cikakkiyar inshora tana gyara masa mota. Da a ce kowane kuskure na soke alkawari, da babu amfanin biyan kuɗin tun farko. Abin da ke yanke hukunci shi ne irin jimlar da aka rubuta a takardar yarjejeniyar, domin jimloli iri biyu ne ke magana a kan wannan al'amari, kuma ko da yake sun yi kama, aikinsu ya sha bamban.

Ta farko ita ce sharaɗin kulawa. Kusan kowace takardar inshorar mota tana ɗauke da shi: mai mota zai ɗauki matakan da suka dace don kare ta daga ɓata ko lalacewa. A ido, wannan ya isa ya kayar da duk wanda ya bar makulli. Amma kotunan Ingila, waɗanda alƙalan Nijeriya kan duba hukuncinsu a shari'ar inshora ko da yake bai zama dole su bi ba, sun daɗe da ƙuntata ma'anarsa. A shari'ar Fraser da kamfanin Furman ta 1967, kotun ɗaukaka ƙara ta ce irin wannan sharaɗi ba sakaci yake hukuntawa ba, ganganci ne: mutum ya ga haɗarin ƙiri-ƙiri, ya san matakin da ya ɗauka bai isa ba, ya kuma ƙi damuwa. Daga baya aka yi amfani da wannan ma'auni a shari'ar Sofi da kamfanin Prudential, inda wani mutum ya kulle kayan ado masu tsada a aljihun gaban mota na ɗan lokaci, aka fasa aka kwashe. Kotu ta ce a biya shi, domin ya yi tunani ya zaɓi abin da ya ga ya fi aminci, ko da zaɓin bai yi kyau ba.

Da a ce wannan sharaɗi kaɗai ke takardar ɗan kasuwar Bebeji, da akwai abin jayayya. Kamfanin ne ke da nauyin tabbatar da ganganci, kuma za a duba abubuwa ƙanana: minti nawa ya yi, nisa nawa ya tafi, yana hango motar ko ba ya hangowa, mantuwa ce ko da gangan ya bari. A nan ma ba lallai ya yi nasara ba. Wanda ya manta makulli a jikin ƙofa a cikin gidansa mai katanga a Kiru yana da hujja mai ƙarfi. Wanda ya bar inji na aiki a mahaɗar da ɗaruruwan baƙi ke wucewa, ya tsallaka titi ya ba motar baya, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa bai ga haɗarin ba. Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin kafin sabuwar doka ta maye gurbinta a 2025, ta hana kamfani fakewa da saɓa sharaɗin da ba shi da alaƙa da asarar. Sai dai ba wanda zai ce barin makulli ba shi da alaƙa da satar mota.

Jimla ta biyu ita ce togaciya. Ita ba ta ce wa mai mota ya yi hankali ba. Cewa take yi kamfanin bai ɗauki alhakin satar da ta faru alhali an bar makulli a cikin mota ko a jikinta ba. Bambancin yana da girma. Sharaɗin kulawa yana auna halin mutum, ita kuwa togaciya iyakar abin da aka saya take shatawa. Idan tana nan, tambayar ko ganganci ne ko mantuwa ba ta ma taso ba. Wannan shi ne abin da ya faru a shari'ar Hayward da kamfanin Norwich Union, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a 2001. Mutumin ya sha mai, ya bar makulli a jikin motarsa ƙirar Porsche, ya taka zuwa wurin biyan kuɗi, ɓarawo ya faɗa ciki ya tafi da ita. Kotun farko ta ba shi gaskiya, ta sama ta soke, ta ce ya bar makullin, kuma kalmomin takardar a fili suke.

Duk da haka togaciya ma tana da iyaka, kuma iyakar tana cikin kalmar "bari". Lord Denning ya bayyana tun 1962, a shari'ar wani mai tallan zobban lu'ulu'u da ya sauka daga mota don biyan buƙata, cewa mota tana ƙarƙashin kulawa ne idan akwai wanda ke ganinta kuma yana kusa yadda zai iya hana a taɓa ta. Saboda haka wanda ya sauko yana tsaye a jikin motarsa ana zuba masa mai, wani ya ture shi ya ja, yana da abin faɗa. Wanda 'yan fashi suka tare a Falgore suka fito da shi da bakin bindiga bai bar makulli ba, ƙwace masa aka yi, kuma wannan sata ce da cikakkiyar inshora ta ƙunsa. Wanda ya shiga masallaci ya bar yaron motarsa zaune a ciki bai bar ta ba kowa ba. Amma idan yaron ne da kansa ya gudu da ita, sai a koma ga wata jimlar daban, domin wasu takardu sun togace satar da direba ko ma'aikaci ko ɗan gida ya yi. Idan kuwa kalmomin suna iya ɗaukar ma'ana biyu, ƙa'idar shari'a ita ce a fassara su ta yadda zai amfani mai mota, tunda kamfanin ne ya rubuta. Mai takaful ma haka abin yake gare shi: asusun taimakon juna ne, amma takardarsa na da nata sharuɗɗa da togaciya.

Ɗan kasuwar bai taɓa karanta yarjejeniyarsa ba. Abin da ke aljihun motar shi ne takardar shaida mai shafi ɗaya, wadda ake nuna wa jami'an hanya, ita kuwa ba ta ɗauke da waɗannan jimloli. Cikakkiyar yarjejeniyar tana cikin wani saƙo da dillalin ya aiko masa tun ranar da ya biya. Da ɗansa ya buɗe ya karanta masa, sai ga sharaɗin kulawa a inda aka saba ganinsa, sai kuma ga togaciyar makulli a wani ƙarin shafi can ƙarshe. Yana da damar kai koke ga NAICOM ko kotu, amma lauyan da ya tuntuɓa ya faɗa masa gaskiya: shi da bakinsa ya ce ya tsallaka titi, ya shiga kanti, babu kowa a motar.

Da ya zo yi wa wata motar inshora bayan girbi na gaba, kafin ya tambayi kuɗi sai da ya sa aka nuna masa duk inda aka ambaci makulli a takardar, da abin da ta ce game da direba. Ya kuma sa aka rubuta yawan makullan da ke hannunsa. Har yanzu yakan tsaya a Kwanar Ɗangora gab da magariba, amma yanzu sai ya kashe inji, ya zare makulli ya jefa a aljihu, sannan ya sauka.