Daren da na kusa yi wa laftof ɗina fomatin saboda memori ɗaya

1/
Jama'a, zare ne, kuma yana da ɗan tsawo. Daren Lahadin da ta wuce laftof ɗina ta ƙi tashi, alhali da safe ƙarfe 9 zan miƙa wa sufabaiza babi na 4 na furojet. Saura ƙiris a goge min komai. Ashe abin da ya riƙe ta bai kai farcen yatsana girma ba.

2/
Wajen ƙarfe 10 aka kawo wuta a hostal. Na jona caja, na danna madannin kunnawa. Tambarin kamfani ya fito kamar kullum, sai ya zauna daram. A ƙa'ida daƙiƙa biyar yake yi ya wuce, ɗigo-ɗigon Windows su fara juyawa. Ranar na jira minti goma. Fanka na juyawa, sikirin na haske, amma ko motsi.

3/
Na danne madannin har ta mutu, na sake kunnawa. Haka dai. Sau huɗu ina yi. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta leƙo ta ce, "Windows ɗinki ne ya tashi aiki, gobe ki kai a yi fomatin." Gabana ya faɗi. Aikin wata uku ne a ciki, kuma kwafin da ke imel ɗina tun na babi na 2 ne.

4/
Na taɓa jin cewa kayan USB na iya hana kwamfuta tashi. A hagu ina da hob, ɗan abin nan mai ramuka huɗu, wanda maus, filash, kibod da fankar ƙasan laftof ke jone a jikinsa. Na fizge shi, na kunna. Tambari ya sake tsayawa. Na ce to ba USB ba ce ke nan. Nan na yi kuskurena na farko.

5/
Ƙarfe 11 saura na kira Yayana, shi ya ɗan yi aikin gyaran kwamfuta kafin ya koma karatu. Ina kuka-kuka na ce, "Yaya, Windows ya lalace." Ya ce, "Tsaya tukuna. A ina ta tsaya? Kin ga ɗigon nan masu juyawa?" Na ce ko sau ɗaya ban gan su ba. Ya ce, "To ba ki da hujjar ɗora wa Windows laifi, da alama ma ba a kai gare shi ba."

6/
Ga yadda ya yi min bayani. Kafin Windows ya tashi, akwai wata 'yar manhaja a jikin allon kwamfuta, BIOS ko UEFI, ita ke fara farkawa. Tana kiran suna kamar malami a aji: RAM na nan? Sikirin fa? Kibod? Had dis? Sai ta gama wannan zagayen take miƙa wa Windows ragama.

7/
A cikin zagayen tana bin ramukan USB ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar duk abin da ta tarar: kai waye? Dole ta yi haka, don tana son kibod ya yi aiki tun kafin Windows, tana kuma neman abin da za a iya tashi daga kansa. Idan wani ya amsa rabi ya yi shiru, wasu kwamfutocin sukan haƙura su wuce, wasu kuwa su tsaya jiransa har gobe.

8/
Ya ce in kunna ina danna madannin shiga BIOS. A tawa F2 ne, a wasu F10 ko Del. Na danna har yatsa ya gaji, ba ta shiga ba. Ya ce, "Kin gani? Tun wajen kiran suna ta maƙale. Fomatin had dis yake gogewa, ita kuwa ko kallonsa ba ta kai ga yi ba. Da kin yi asarar aikinki a banza."

9/
Na ce, "Ai na cire USB ɗin, Yaya." Ya ce, "Komai kika cire?" Na ce eh. Ya ce, "Ɗaga ta sama, ki haska fitilar waya, ki bi gefe da gefe da yatsa." Wallahi sai ga shi a dama, bayan tarin littattafai: kad rida ƙarami baƙi, da memorin tsohuwar wayata a ciki. Tun yamma na sa shi na manta.

10/
Na kashe ta, na zare shi, na bar caja kaɗai. Na kunna. Tambari, daƙiƙa biyar, ɗigo suka fara juyawa. Ihun da na yi sai da 'yan ɗakin kusa suka buga bango. Abu na farko da na yi, na tura babi na 3 da na 4 zuwa imel ɗina, hannuna na rawa.

11/
Ni a wajena an gama. Yaya ya ce a'a. "Yanzu kin san USB ce, amma ba ki san wanne ba. Sau ɗaya kika gwada. Ko ridar ce, ko memorin, ko ramin da kika sa shi? In ba ki tantance ba, za ki jefar da mai lafiya ki riƙe mara lafiya." Ya sa na ɗauko biro da takarda.

12/
Dokar ɗaya ce: abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. A kashe kwamfuta gaba ɗaya, a jona abu ɗaya, a kunna, a jira minti biyu kafin a yanke hukunci, a rubuta. In kun jona biyu lokaci guda ta tsaya, ba ku san wanda za ku tuhuma ba, kun koma farko.

13/
Na fara da 'yan hagu. Maus kaɗai, ta tashi. Filash kaɗai, ta tashi. Kibod, fanka, duk lafiya. Hob babu komai a jikinsa, lafiya. Hob da duk kayansa huɗu, lafiya ƙalau. Wannan gwajin na ƙarshe yana da dalili, kar ku tsallake shi.

14/
Ramin USB 2.0 an tsara shi ya ba da wuta 500 mA, na 3.0 kuma 900 mA. Hob ɗin da ba shi da cajar kansa wannan 'yar wutar yake raba wa kowa. Sai ku ga kowane abu shi kaɗai yana aiki, amma in sun haɗu wuta ta gaza, wani ya dinga ɗaukewa yana dawowa. A wajena dai hob ya fita daga zargi.

15/
Saura dama. Kad rida da memori a ramin da na same shi: ta tsaya. Na mayar da shi ramin hagu: ta tsaya. Na sa filash a ramin daman: ta tashi. To rami ba shi da laifi, matsalar bin ridar take yi duk inda ta je. Sai na zare memorin, na sa ridar haka nan wayam. Ta tashi. Na ari memorin ƙawata na sa, ta tashi. Nawa ne mai laifin.

16/
Akwai wata matsala mai kama da wannan, kar ku haɗa su. Idan a Boot Order an sa USB a gaban had dis, kwamfuta za ta nemi tashi daga filash ɗin da babu Windows a ciki. Ita tana wuce tambari, sai baƙin sikirin da ɗan layi mai ƙiftawa ko saƙon turanci, kuma BIOS na buɗewa. Maganinta a ɗaga had dis sama a jerin.

17/
Na duba tawa, had dis ne a sama tun asali. Shi ya sa canza jerin ba zai yi min komai ba. Haka kuma in ɗigon Windows sun riga sun fara juyawa kafin ta tsaya, nan ma USB na iya zama sila, amma a lokacin Windows ne ke kokawa da abin. A duka ukun matakin farko ɗaya ne: a cire komai.

18/
Sai tambayar da ta dame ni: sati biyu ina amfani da memorin nan, me ya sa sai yau? Amsar mai sauƙi ce. Kullum sai kwamfuta ta gama tashi nake sa shi, in zare kafin in kashe. Windows na iya haƙuri da mai amsa a hankali. Ranar ce kawai na bar shi a ciki BIOS ta ci karo da shi.

19/
Kuma ya daɗe yana ba ni alama, ni ce ban karanta ba. Folda takan ɗauki kusan minti kafin ta buɗe. Kwafi yakan kai rabi ya tsaya. Na dinga zagin laftof cewa ta tsufa. Ashe memorin ne ke mutuwa a hankali, kuma a cikinsa hirarrakin furojet ɗina suke, guda 17, da mata masu sayar da abinci.

20/
Bayan ta tashi na sa shi, sai ga wannan:
```
You need to format the disk in drive E: before you can use it.
```
Yaya ya ce, "Kul! Danna Cancel." Na zare, na goge bakin da ƙyalle busasshe, na mayar. A karo na uku ya buɗe. Na kwashe fayil ɗaya-ɗaya, don in ɗaya ya maƙale kar ya riƙe sauran.

21/
Guda 14 suka fito. Uku sun ƙi, har yau. Ɗaya a ciki hirar wata dattijuwa ce mai ƙosai da ta bar kaskonta a hannun jikarta ta zauna da ni kusan awa ɗaya. Wannan ita ta fi min ciwo. Ranar Asabar zan koma in ba ta haƙuri mu sake, in ta yarda.

22/
Iyakar dabarar: in kun cire komai, har memorin da ke ramin jikin laftof da ɗan mitsitsin abin nan na maus mara waya, ta ci gaba da tsayawa, to matsalar na ciki, wataƙila RAM ko had dis, ku kai wa mai gyara. In kun ji ƙauri ko kun ga ƙarfen cikin rami ya lanƙwashe, ku kashe, kar ku ƙara sa komai a ciki.

23/
Danne madanni don kashewa kuma, na yi ta yi ne saboda a tambari take, Windows bai fara rubuta komai ba. In yana tsakiyar sabunta kansa, ku ba shi lokaci sosai kafin ku taɓa.

24/
Gwajin duka bai kai minti arba'in ba. Na miƙa babi na 4 ƙarfe 9 saura kwata, sufabaiza ya dawo min da shi ja-wur da biro, amma wannan wani zaren ne. Memorin na naɗe shi a takarda na rubuta "kar a taɓa", ko Allah zai sa wani ya iya ciro min ukun nan. Wanda ya san mai yin wannan aikin da amana, ya yi min magana don Allah.