Gobe da ta zama gone

Ina gyara wa matasan marubuta labarai a wani ɗan shago a Barnawa, kuma kafin in kai ƙarshen shafin farko nakan san da me aka buga rubutun. Kuskuren kwamfuta daban yake. Yatsun hannu biyu ne ke tsere, ɗaya ya riga ɗaya, sai ka ga "gdia" ko "mkaaranta". Kalmar ta karye, kowa ya gani ya san ta karye. Waya kuwa ba ta son barin kalma a karye. Ɗauke ta take yi, ta ajiye wata lafiyayya a gurbinta.

Wata yarinya daga Kakuri ta turo mini labari mai babi goma sha biyu. A babi na uku saurayin ya ce wa budurwarsa: "Zan so gone da yamma." Ba Turanci take cusawa don burgewa ba. Duba allon haruffan wayarka: b da n maƙwabta ne, s kuma tana saman z. Ta buga "zo gobe", wayar da aka bari a kan Turanci ta duba ƙamusunta ba ta samu ba, ta miƙo mafi kusa. Haka "yau" ke komawa "you".

Masu jan yatsa a kan haruffa ba tare da ɗagawa ba, nasu ya fi wuyar kamawa. Wayar siffar layin da yatsa ya zana take karantawa, ba harafi ɗaya-ɗaya ba, don haka baƙi mai ninki yakan ɓace mata: hanyar "baba" da ta "babba" kusan ɗaya ce. Sauya allon zuwa Hausa a Gboard yana korar "gone", amma ba ya hana wannan. A babi na tara uban yarinyar cikin labarin ya ƙi auren "saboda kudu". Na daɗe a kan jimlar. U da i gefe da gefe suke, kuma wanda bai damu da ƙugiyar ɗ ba "kudi" yake rubutawa. Sai dai a garin da Kogin Kaduna ya raba, inda tun rikicin 2000 mutane ke lura da wane ɓangaren gada kake kwana, uba yana iya ƙin aure saboda kudu ɗin da gaske. Na kira ta. Kuɗi take nufi.

Alamar tana da iyaka: wanda ya rubuta a waya ya kwafe zuwa kwamfuta ya tafi da kurakuransa, mai natsuwa kuma yakan share sawunsa tas. Ni dai in na ga "gone" a shafin farko, nakan rage gudu a kan kowace kalma da ta yi kama da daidai.