Shaidar Baƙo da Shaidar Ɗan Gari

A zamanin da muke ɗalibai a Zariya, farkon shekarun 1980, littafin tarihi ba abin wahalar samu ba ne. Da ɗan kuɗin alawus ɗinka za ka shiga kantin littattafan jami'a a Samaru ka fito da biyu ko uku, ka kuma rage na kati da na shayi. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne sunayen da ke bayan littattafan. Mun taso a sakandare muna haddace tarihin ƙasarmu daga bakin matafiya da razdanoni, su Clapperton da Barth da Palmer. Sai ga kanta cike da Dike da Ajayi da Boahen da Adeleye da Mahdi Adamu, wasunsu ma muna ganinsu da idonmu suna wucewa da jaka a hannu. Idan yaro ya zo mini yau ya ce ya gaji da jin labarin Afirka daga bakin baƙi, can hankalina yake komawa, kuma littafi guda nake fara ambata masa.

Littafin shi ne The Transformation of Katsina na marigayi Yusufu Bala Usman, wanda ya fito a 1981, ya kuma bi tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883. Ba littafin hira ba ne. Yana da nauyi, bayanan ƙasan shafinsa wani lokaci sun kusa cinye shafin, kuma na san waɗanda suka saye shi don marubucin ya yi suna a siyasa, suka ajiye shi a shafi na talatin. Amma wanda ya daure zai ga an rushe masa wani gini da ya daɗe yana zaune a ciki.

Ginin kuwa shi ne labarin da aka saba ba mu game da jihadin 1804: wai Fulani ne a gefe guda, Haɓe a ɗaya gefen, aka gwabza, wata ƙabila ta kayar da wata. Haka yawancin rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka suka tsara shi, domin idon da suka zo da shi ƙabila yake fara nema a duk inda ya duba. Bala Usman ya ajiye wannan ma'auni, ya tambayi wani abu daban. Wa ke riƙe da ƙasa? Wa ke karɓar haraji, wa ke biya? Ina malamai suka tsaya, ina fatake, ina makiyaya, ina masu sarauta? Da aka jera mutane ta wannan hanya sai layin ƙabila ya wargaje. Aka ga Hausawa a cikin jama'ar Shehu, aka ga malamai da Fulani da suka ƙi ta. 'Yandoto, garin malamai da ya shahara tun kafin jihadi, bai bi ba, har sai da aka kai masa yaƙi. Ko a cikin masu tuta a Katsina, Ummarun Dallaji da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji, akwai ja-in-ja a kan wa zai riƙe me, kuma an ɗauki shekaru kafin gidan Dallazawa ya zauna daram. Abin da aka kifar, in ji littafin, tsarin sarauta ne da ya yi ƙarnuka yana ginuwa tun zamanin Muhammadu Korau.

Amma abin da ya fi zama a raina wata 'yar maƙala ce tasa a kan Heinrich Barth a Katsina. Mu a takardar gurji muka karanta ta, irin wadda tawadarta ke kama yatsa, tana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki. Daga baya an saka ta cikin tarin maƙalunsa mai suna Beyond Fairy Tales, wanda ya fito a 2006, shekara guda bayan rasuwarsa.

Sai an san matsayin Barth a lokacin za a gane girman abin. Bajamushe ne da ya zo cikin tawagar da gwamnatin Ingila ta turo, yana kiran kansa Abdulkarim. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa, ba ya gajiya da rubutu, kuma ya bar mujalladi biyar na labarin tafiyarsa. A cikin matafiyan Turai babu kamarsa, wannan gaskiya ce. Saboda haka duk abin da ya faɗa sai ya zama kamar hukuncin alƙali. Ya shiga Katsina a farkon 1851, ya ga ganuwa mai kewayen fiye da mil 13, ya ga yawancin cikinta fili ne. Ya ƙiyasta mazauna birnin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, ya kuma ce a zamanin da garin ke tashe za su kai 100,000. Daga nan marubuta suka yi ta kwafa, wannan daga wancan: jihadi ya kashe Katsina.

Abin da maƙalar ta koya mana shi ne a sa baƙon nan a gaba a yi masa tambayoyin da ake yi wa kowane mai ba da shaida. Kwana nawa ya yi a garin? A zuwansa na farko kaɗan ne, kuma bai yi su cikin daɗin rai ba, domin ya sha takaddama da Sarkin Katsina Muhammadu Bello a kan kyauta da izinin wucewa. Da wa ya zauna, wa ya ba shi labari? Mutanen da suka fi kusa da shi fataken Arewacin Sahara ne, waɗanda arzikin gari a wurinsu shi ne ayarin raƙuma. Wane tunani ya taho da shi daga gida? Tunanin Turai na ƙarni na 19, wanda ke karanta tarihi a matsayin kokawar jinsi da jinsi.

Kai da kanka za ka iya ci gaba da lissafin, kuma daɗin abin ke nan. Dubi lambobin nan biyu. Ta farko, 8,000, aƙalla ido ne ya ƙiyasta ta. Ta biyu, 100,000, babu idon da ya gan ta: Barth ya auna faɗin ganuwa ne ya raya cewa da can gidaje sun cika wani babban kaso nata. To amma duk wanda ya san birnin Hausa ya san ba a gina ganuwa daidai bakin gidaje. Ana barin gonaki da fadama da makiyaya a ciki da gangan, don ranar da abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, da ranar da mutanen ƙauye za su gudo da dabbobinsu. Fili a cikin ganuwa ba lalle ne ya zama kufai ba. Ka ga ke nan an ɗebe ƙiyasi daga zato, aka kira abin da ya rage tarihi.

Wannan ba ya nufin Barth ƙarya ya yi. Kasuwar Sahara ta karkata zuwa Kano a ƙarnin nan, kuma yaƙi da Maraɗi da Gobir ya hana arewacin Katsina sakat. Birnin ya ragu. Sai dai birni ba shi ne ƙasa ba, kuma wanda ya bi tarihin garuruwan kudancin Katsina zai ga mutane suna ƙaura suna kafa sababbin matsugunai a daidai lokacin da ake cewa ƙasar ta mutu. Barth ya ga abin da ya gani ta ƙofar da aka buɗe masa.

A nan nake rabuwa da wasu samarin da ke zuwa wurina. Su so suke a ba su littafin da zai ce mu ne, mu ne, kakanninmu ba su taɓa kuskure ba. Na fahimci ƙishirwar, mu ma da ita muka je. Amma wuƙar da aka yanka Barth da ita ba ta san ɗan gida ba. Ɗauki Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812. Babu marubucin da ya fi shi zama ɗan ƙasa, kuma babu wanda ya fi shi sanin yaƙin, tunda shi ya jagoranci rundunoni da dama. Amma shi ma mai shaida ne da ke da ɓangare, yana rubutu ne don kafa hujjar abin da aka yi. Labarin 'Yandoto daga alƙalaminsa muka fi saninsa, su malaman garin ba mu ji ta bakinsu ba. Abin da nake girmama littafin da shi shi ne ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno, wanda ya ƙalubalanci jama'ar Sakkwato cewa saɓo bai mai da Musulmi kafiri ba, balle a halatta yaƙarsa. Bello ya mayar da martani, amma ya bar mana maganar abokin jayayyarsa mu karanta. Ba kowane mai nasara ke yin haka ba.

Akwai kuma wani abin da ke ɗan dagula wa mai neman tsantsar ɗan Afirka lissafi. Malamin da ya raini wannan makaranta ta tarihi a Zariya, Abdullahi Smith, haifaffen Ingila ne da ya musulunta ya zama ɗan Nijeriya, kuma ya nuna cewa labarin Bayajida ba zai iya ɗaukar nauyin asalin ƙasashen Hausa ba. Ban taɓa sanin kantar da zan sa shi ba, sai na bar shi kusa da ɗalibansa.

Rabin labarin Katsina kuma yana tsallaken iyaka. Sarakunan da aka kora daga birni su ne suka je suka kafa Maraɗi, kuma har yau sarautar can sunan Katsina take amsawa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun yi nasu aikin: André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a ƙarni na 19, Djibo Hamani ya yi na Adar da na Abzin. Da Faransanci suka rubuta, mu kuma da Ingilishi, sai ya zama jikokin mutanen da suka yi yaƙi ɗaya ba sa iya karanta littattafan juna. Mu a lokacin sai mu nemi wani ɗan ajinmu da ya yi Faransanci, mu saya masa tsire, ya zauna yana juya mana shafi-shafi da baki. Littafin Mahdi Adamu, The Hausa Factor in West African History na 1978, shi ne ya fi taimaka mini wajen tsallake wannan iyaka, domin ya bi fatake da malamai har Gwanja da Salaga, inda taswirar Turawa ba ta da abin cewa.

Dattawanmu da ba su yi boko mai zurfi ba suna da nasu: Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, da Kano ta Dabo Cigari na Abubakar Dokaji, ana sayar da su da araha, ana karanta su a zaure bayan la'asar. Mahaifina ya san su kusan da ka, kuma da ya samu littafin Katsina da harshensa da ya yi musu da shi babi-babi, don yana da abin da ya ji daga kakansa a kan Dallazawa. Na kan fassara masa wani yanki idan na zo hutu, ya saurara, ya ce a nan malamin ya yi daidai, a nan kuma a koma a sake tambaya. Nawa kwafin wani ya ara bai dawo da shi ba. Wanda nake ba yara yanzu hoto ne na hoto, daga wani shagon kwafi, kuma taswirorin da ke nuna inda garuruwan kudancin Katsina suka tsiro sun dusashe har sai na zana musu da biro.