Buhu 120 da Babu Su

Manhaja tana iya yi maka ƙarya alhali babu kuskure ko ɗaya a lissafinta. Na ga haka a hutun bara, a wani siton shinkafa a nan Gaya, inda nake taimaka wa mai kula da kwamfutocinsu. Masu saye daga Kamba ne, wasu kuma daga tsallaken kogi, wajen Malanbil.

Rumbun bayanansu PostgreSQL ne, a kan na'ura biyu. Ta farko ita ce uwa, duk wani rubutu can yake shiga. Ta biyu kwafi ce, daga ita ake karatu don a rage wa uwa nauyi. Uwa tana rubuta kowane canji a jerin da ake kira WAL ta tura, kwafi ta bi layi tana aiwatarwa. Amma fa uwa ba ta jiran kwafi kafin ta ce "an adana".

To, akwai buhu 120 a sito. Magatakarda ya shigar da cinikin 40, uwa ta koma 80. Ya sabunta shafi, shafin ya tambayi kwafi, ita kuwa har yanzu 120 take gani. Bawan Allah ya ɗauka bai shiga ba, ya sake dannawa. Uwa ta koma 40. Da yamma aka ƙirga buhu 80 a ƙasa, aka fara kallon 'yan dako. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Kowa ya ce rezo ne, don a Gaya komai rezo ake ɗora wa. Muka tambayi kwafin da kanta:

```
SELECT now() - pg_last_xact_replay_timestamp();
```

Yawanci ƙasa da daƙiƙa ɗaya take nunawa, amma wani lokaci sai ta haura kusan 30. (A kula: in ba a rubuta komai a uwa ba, lambar nan tana ta hawa ko da kwafi ba ta makara ba, saboda haka ana ciniki ake dubawa.)

Ashe rahoton wata ne da mai sito yake yawan buɗewa. Doguwar tambaya ce a kan kwafi, kuma in canjin da ya iso zai share layukan da take karantawa, kwafi takan dakatar da aiwatarwa. Iyakar jiran shi ne `max_standby_streaming_delay`, wanda yake zuwa a daƙiƙa 30. Duk canjin da ke baya sai ya tsaya a layi.

Wani ya ce a sa `synchronous_commit = remote_apply`, uwa ta riƙa jiran kwafi. Ni ban yarda ba, don kowane ciniki zai tsaya jiran rahoton mai gida ke nan. Abin da aka yi ya fi sauƙi: wanda ya yi rubutu, a karanta masa daga uwa na minti ɗaya, kuma kowane ciniki ya ɗauki lambar rasit da rumbu ba zai karɓa sau biyu ba. Rahoto aka bar shi a kwafi.