Rigar da Ba Wanda Ya Ba Mu Ɗinkinta

Shekararmu guda muna zuwa koyon ɗinki bayan an tashi makaranta, a wani shago da ke bakin hanyar Bunza a nan Kalgo. Mu uku ne. Da ƙaramar Sallah ta matso, duk wanda muka roƙa ya ba mu ɗinkin yaronsa sai ya ce, "Wa kuka taɓa yi wa?" Ba mu da amsa. Ba mu ga laifinsu ba, don shadda ba ta yankuwa sau biyu.

Sai muka haɗa kuɗin tara muka sayi yadi mai arha. Muka auna ƙanin ɗayanmu mai shekara huɗu, kamar shi ne ya kawo ɗinki: kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya da tsawo. Muka rubuta awon a littafi, muka bar rabin inci wajen yanka saboda ɗinki.

Mun ɗauka ta yi kyau. Maigidanmu bai ko kalli gabanta ba, juya ta ya yi. Ya nuna mana wuyan ya tattare saboda zaren ya yi tsauri. Ya sa yaron ya ɗaga hannu, sai hammata ta ɓarke, ashe ba mu maimaita ɗinki a wurin ba. Muka farke muka sake, muka wanke ta don mu ga ko za ta motse, muka goge.

Yanzu tana rataye a ƙofar shago. Wanda ya tambaya, muna gaya masa gaskiya cewa ta gwaji ce, mu ce ya juya cikinta ya duba. Wata maƙwabciyarmu ta juya, ta ja aljihun da ƙarfi, sannan ta kawo yadin 'ya'yanta biyu.