A Wane Kashi Muke?

Mai karanta littafi in ya ɓata, sai ya ɗaga ido ya ga kan babi. Mai sauraron fodkas ba shi da wannan gata. Wayar tana aljihu, hannu yana kan tukunya ko sitiyari, hankali ya tafi ya dawo, magana kuwa ba ta jira shi ba.

Sana'ata rubuta manhaja, amma da dare ni nake tace wa wani abokina shirinsa na kiwon lafiya. Akwai wani na minti 95 kan ciwon sukari, kashi huɗu: gabatarwa, jita-jitar gari, hira da likita, sai tambayoyi. A kashi na biyu yakan karanto abin da mutane ke faɗa, ya bari sai likita ta zo ta warware. Gwaggona, mai fama da ciwon, ta tsinci shirin daga tsakiya, ta ji an ce zuma ba ta tayar da sukari. Washegari ta ce mini, "Ai likitarku ce ta faɗa." Likita ba ta ma fara magana ba a lokacin.

Maganin da ya fi kusa da hannun irina shi ne jera lokuta a ƙarƙashin shirin:

```
0:00 Gabatarwa
8:30 Jita-jitar gari
27:10 Hira da likita
```

YouTube yana mayar da wannan babi-babi, muddin na farko ya fara daga 0:00, sun kai uku, kuma kowanne ya kai daƙiƙa 10. Sai dai shirinmu ta WhatsApp ya fi yawo, can kuwa murya kaɗai ke isa, jerin ya tsaya a baya. Gwaggo ma ba ta duba fuskar waya.

Don haka alamar ta koma cikin sautin kansa. A kowace mahaɗa abokina yakan rufe, ya ce, "Jita-jita ta ƙare nan." Sai in saka ɗan kiɗan daƙiƙa 3, iri ɗaya kullum, dabam da na talla. Sannan ya buɗe: "Yanzu likita ce." Ba ya ambaton minti da baki, domin in na yanke tari ko maimaici lissafin ya goce.

Alamar mahaɗa ba ta ceton wanda ya shigo daga tsakiya. Shi ya sa a kashin jita-jita kowace magana take zuwa da tambarinta: "Wannan ma faɗar gari ce, ba ta likita ba." A cikin hira kam ba ma yawaita haka, yana katse wa baƙuwa hanzari.

Kafin mu saki shiri nakan ja shi zuwa wani minti da ka, in miƙa wa ƙanwata, in tambaye ta a wane kashi muke. In minti 2 suka wuce tana lalube, sai in kira abokina ya sake ɗaukar jimla ɗaya in dasa a wurin.